Kafshan ya yi zaƙi da yawa: a rage shi, a sake shi, ko a bar hoto ya yi magana?

Ƙanwarki ta turo miki hoto da rubutun da take son sa wa a ƙasansa, ta biyo da saƙo: "Yaya, duba min wannan kafin in ɗora, ji nake kamar ya yi yawa." Hoton ita ce da maigidanta a kan Duwatsun Shere, bayan garin Jos, cikin watan Disamba. Hazo ya rufe bayansu, tana sanye da rigar sanyinsa, hannun rigar har ya wuce yatsunta, shi kuma yana riƙe da filas ɗin shayi. Shekara ɗaya ke nan da aurensu. Ga abin da ta rubuta:

"Shekara ɗaya cif da sarkin zuciyata, hasken rayuwata, sanyin idanuna, zumata, farin cikina ❤️❤️❤️ Wallahi ban san yadda zan rayu babu kai ba. Kai ne farkona kai ne ƙarshena. Duk duniya babu macen da ta kai ni sa'a. Maƙiya sai dai ku yi haƙuri 😜 Allah ya bar mu tare har Aljanna, mijina abin alfaharina 😍😍😍"

Kalma 53, imoji 7, kirari 6. Ba ƙarya ta rubuta ba, har ranta take nufi, kuma wannan shi ne abin da mai gyara ya kamata ya fara riƙewa. Tana son rubutu mai aji, mai kamun kai, amma ba ta ce a cire mata soyayyar ba. Akwai hanyoyi huɗu da aka fi bi, da ta biyar wadda kusan shiru ce. Kowace tana da inda take kyau da inda take ɓata aiki, shi ya sa mutum yake rasa wadda zai ɗauka.

Kafin a auna, a gano me ya yi yawa

Idan mutum ya ce rubutunsa ya yi yawa, ba kasafai yake nufin tsayi kaɗai ba. Akwai kafshan mai layi shida da ake karantawa cikin natsuwa, akwai mai kalma biyar da yake sa mai shi jin kunya bayan kwana biyu. A rubutun da ke sama abubuwa uku ne suka haɗu.

Na farko, jerin kirari. "Sanyin idanuna" shi kaɗai yana da nauyi. Idan aka ɗora masa "hasken rayuwata" da "zumata" da "farin cikina", kowane yana cinye ɗan'uwansa, kamar a zuba sukari cokali biyar a kofin shayi ɗaya: ba a ƙara jin ganyen. Na biyu, kalmomin ƙurewa: "duk duniya", "babu macen da", "ban san yadda zan rayu ba", da rantsuwar da ba wanda ya nema. Mai karatu ya san ba a auna duk matan duniya ba, don haka sai ya rage wa sauran maganar daraja. Na uku, kuma mafi muni, layin maƙiya. Da zarar ya shigo, rubutun ya bar mijin ya juya ga 'yan kallo, ya tashi daga godiya ya koma habaici.

Akwai gwaji mai sauƙi da yake nuna matsalar gaba ɗaya. A rufe hoton da hannu, a karanta rubutun. Idan za a iya ɗaukarsa a manna ƙarƙashin hoton kowace mace da kowane miji a Arewa ba tare da sauya kalma ɗaya ba, to kayan aro ne, kuma kayan aro su ne ke sa rubutu ya yi kama da ƙaƙale. A cikin kalmomi 53 ɗin nan, "shekara ɗaya" ce kaɗai ta su biyun.

Ki tambaye ta kai tsaye: "Wane layi ne idan Mama ta gani za ki sunkuyar da kai?" Amsarta ta fi duk wani nazari sauri.

Ma'aunai huɗu

Farashi. Ba kuɗi ake kashewa a nan ba. Farashin shi ne lokacin da gyaran zai ci, da kuma abin da za a rasa daga abin da ta so faɗa.

Ƙarko. Shin rubutun zai karantu bayan shekara biyu ko uku? Facebook yana dawo wa mutum da tsofaffin abubuwan da ya ɗora a ranar da suka zagayo, hoton Instagram kuma yana nan a shafi har sai an cire shi. Abin da aka sa a Status na WhatsApp kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ƙarko bai dame shi sosai ba.

Sauƙi. Za ta iya yi da kanta a karo na gaba, ko sai ta sake nemanki?

Haɗari. Wa zai iya fahimtar rubutun a karkace? A nan a tuna cewa masu karatu ba ƙawaye ba ne kaɗai. Akwai surukai, dangin miji, abokan aikinsa, da shi kansa maigidan, wanda aka fi mantawa da shi wajen gyara.

Akwai kuma iyakar da manhaja take sawa. Instagram yana karɓar haruffa har 2,200 a kafshan, amma abin da ake gani kafin a danna more bai wuce wajen haruffa 125 ba, wani lokaci ma ƙasa da haka gwargwadon waya. A rubutun ƙanwarki yankan zai faɗo kusa da "yadda zan rayu". Ke nan mai wucewa zai ga kirari biyar da jajayen zukata uku, addu'ar kuwa, wadda ita ce mafi kyau a ciki, ta ɓuya a ƙasa.

Hanya ta ɗaya: a rage, a bar muryarta

Wannan ita ce tace rubutun ba tare da kawo sabuwar kalma ba. Ana bin ta daki-daki. A fara goge layin maƙiya baki ɗaya, tare da imojinsa. A cire "wallahi" da duk jimlar da ke ɗauke da "duk duniya" ko "babu", da layin "kai ne farkona". Daga cikin kirari shida a bar ɗaya, kuma ita za ta zaɓa, ba ke ba; a ce mata ta ɗauki wanda take iya faɗa masa baki da baki ba tare da ta yi dariya ba. A bar imoji ɗaya ko a cire duka. Sai a karanta da murya. Abin da zai rage:

"Shekara ɗaya cif da sanyin idanuna. Allah ya bar mu tare."

Kalma 11. Minti biyar ya isa, kuma duk wanda ya san ta zai ji ita ce ta rubuta. Wannan shi ne babban amfaninta: ba a sa mata rigar wani ba. Tana da sauƙin koyo ma, don dokar a fili take, kirari ɗaya, addu'a ɗaya.

Rauninta shi ne, idan asalin rubutun duk aro ne, ragewa tana ba da ƙaramin aro ne kawai. Jimlar da ke sama tana da tsabta, amma har yanzu za ta zauna a ƙarƙashin hoton kowa. Akwai kuma kuskuren da masu gyara suke yawan yi: su ci gaba da yanka har sai ɗumin ya tafi. "Shekara ɗaya." da aya a ƙarshe, ba komai bayanta, yana iya karantuwa kamar mai ƙirga kwanakin wahala. Alamar an wuce gona da iri ita ce ta karanta ta ce, "To, ai shi ke nan," cikin sanyin murya. Idan kin ji haka, ki mayar mata da kalma ɗaya mai ɗumi.

Wajen ƙarko tana tsaka-tsaki. Ba za ta ba da kunya ba nan gaba, amma ba za ta tuna wa kowa komai game da ranar ba.

Hanya ta biyu: a faɗi abu ɗaya na gaskiya da ya faru

A ganina wannan ce ta fi dacewa da mafi yawan mutane, kuma ita ce ta fi cin lokaci. Maimakon a faɗi yadda ake ji, sai a faɗi ƙaramin abin da ya jawo jin. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskokinsu suna cikin hoton, kowa ya ga farin cikin. Aikin kafshan shi ne ya ƙara abin da ido ba zai gano da kansa ba.

Ana samo shi ta tambaya, ba ta zama a yi ta tunanin kalmomi masu daɗi ba. Tambayoyi uku sukan isa. Me ya faru minti biyar kafin a ɗauki hoton? Me yake yi miki kullum da ba ki taɓa roƙonsa ba? Akwai wani abu a cikin hoton da ku biyu kaɗai kuka san labarinsa? A ce ta amsa da cewa ta fito ba rigar sanyi duk da ya gargaɗe ta, da suka hau dutsen iska ta kaɗa ta, ya cire tasa ya ba ta, shi ya tsaya da 'yar shat yana ɗumama hannu da filas. To an samu. Duk wanda ya taɓa kwana a Jos tsakanin Disamba da Janairu ya san abin da ake nufi da mutum ya cire rigar sanyinsa a kan dutse da sassafe. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma iskar saman Shere ta fi ta cikin gari cizo. Ba sai an yi bayani ba.

Daga nan ana iya fitar da siga uku, kowace da zafinta:

"Sanyin Shere, rigar tasa ce. Shekara ɗaya yau."

"Ya ce in ɗauko rigar sanyi, ban ji ba. Ya ba ni tasa. Shekara ɗaya, Alhamdulillah."

"Shekara ɗaya yana ba ni rigar sanyinsa. Allah ya saka masa da alheri."

Ta farko ita ce mafi jan aji, kalma 8, ba ta faɗi so ko sau ɗaya ba amma an gane. Ta biyu tana da ɗan labari, kuma ita za ta fi jawo mutane su yi magana a ƙasa. Ta uku ta fi taushi, ta fi kusa da zuciyar asalin rubutun. Ga wadda ta fara da "sarkin zuciyata", ta uku ko ta biyu za su fi zama mata daidai. Ta farko tana iya yi mata kamar bakin wata.

A lura da wani sauyi da ya faru ba a sanar ba: rubutun ya tashi daga "kai" ya koma "shi". Wannan kaɗai yana rage zaƙi da rabi. Idan mace ta ce "kai ne farkona" a gaban mutum dubu, masu karatu sukan ji kamar sun leƙa ɗakin da ba a gayyace su ba. Idan ta ce "ya ba ni tasa", da su take magana, suna da wurin zama a cikin hirar. Kuma ya dace da alkunyar da aka saba, inda mace ba ta cika kiran sunan miji a bainar jama'a ba, sai ta ce maigida, ko Oga, ko baban wane. Namiji ma haka: "uwargida ta haɗa mana shayin hanya" ya fi "ke ce rayuwata" zama a bakin magidanci.

Abubuwa uku ne ke lalata wannan hanya. Na farko, a faɗi abin sannan a fassara shi: "Ya ba ni tasa, wannan ita ce soyayya ta gaskiya." Rabin jimlar na biyu ya mayar da mu inda muka baro. A tsaya a kan "tasa". Na biyu, a zaɓi abin da kuɗi ne a cikinsa. "Ya saya min waya" ko "ya kai ni Dubai" gaskiya ne, takamaimai ne, amma sun koma nuna arziki, kuma suna jawo ido da tsegumi, abin da gidaje da yawa suke gudu saboda tsoron baki. Riga, shayi, jira a bakin asibiti, ɗaukar yaro da dare don ta yi barci, irin waɗannan su ne ke aiki. Na uku, a tona abin da shi bai so a sani ba. Idan abin ya shafi rashin lafiya, bashi, ko wani saɓani da aka sasanta, a tambaye shi tukuna. Haka kuma kada a ƙirƙiro abin da bai faru ba don ya yi daɗin ji, domin mutum ɗaya aƙalla ya san ba a yi ba, kuma shi aka rubuta wa.

Farashinta minti goma sha biyar zuwa ashirin na hira. Ƙarkonta ya fi na kowace: bayan shekara biyar rubutun zai dawo mata da sanyin ranar da ƙamshin shayin, ba wai kawai ya tuna mata tana son mijinta ba. Sauƙinta kuwa sai an saba. Karo na farko tana buƙatar mai tambaya, daga baya takan iya yi wa kanta tambayoyin.

Hanya ta uku: godiya ko addu'a kaɗai

"Alhamdulillah, shekara ɗaya. Allah ya ƙara mana zaman lafiya."

Babu mai ganin laifin wannan. Suruka za ta karanta ta ce amin, kawu zai ce amin, abokan aikin maigida ma haka. Minti ɗaya ake rubuta ta, ba ta tsufa, kuma tana sauya irin amsar da za a samu: maimakon zolaya da "an faɗa tarko", sai addu'o'i su cika ƙasan hoton. A gari irin Jos, inda Hausa take haɗa Musulmi da Kirista a kasuwa da makaranta da wurin aiki, "Mun gode Allah" ko "Godiya ga Allah" suna shiga kunnen kowa daidai.

Abin da ake biya shi ne mutumin ya ɓace daga ciki. Jimlar za ta dace da bikin suna, da kammala karatu, da sayen fili. Idan maigidan ya riga ya ga dogon rubutun farko, sannan ya ga an ɗora wannan, yana iya jin an ja baya da shi ko da bai faɗa ba. Gyaran ƙarami ne: a sa addu'ar ta nufe shi. "Allah ya saka wa maigida da alheri" ta fi "Allah ya ƙara mana" kusanci, ba tare da ta ƙara zaƙi ba.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a mayar da jerin kirari jerin addu'o'i, a jero bakwai a layi ɗaya, sai tsayin ya dawo ta wata ƙofa. Ɗaya ta isa, biyu iyaka. Kuma a kula da addu'ar da habaici ne a cikin rigar addu'a. "Allah ya tsare mu daga mahassada" layin maƙiya ne ya sake shiri ya dawo.

Hanya ta huɗu: karin magana ko zolaya

Ita ce mafi jan hankali idan ta faɗa daidai, ita ce kuma mafi haɗari. "Garin masoyi ba ya nisa" a ƙarƙashin hoton mutum biyu da suka hau dutse yana da ma'ana biyu masu kyau, kuma gajere ne. "Da abokin daka ake shan gari" yana yaba wa wanda aka sha wahala tare da shi, ya dace da waɗanda suka fara zama da ƙaramin ƙarfi.

Matsalar ita ce karin magana da yawa da ake jin daɗinsu an gina su ne don gugar zana. "Ko da girgiza kurna ta fi magarya", "Hassada ga mai rabo taki ce", "Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa": duk suna buƙatar wanda ake nufi, kuma mai karatu zai nemo shi da kansa. Idan akwai abokiyar zama a gidan, ko tsohuwar budurwa da aka sani, ko ƙanwar miji da ba a jituwa, to an kunna wuta da kalma shida, kuma sikirinshot zai isa gidan kafin la'asar. Ko "Mahaƙurci mawadaci", wanda ba shi da abokin faɗa, a ƙarƙashin hoton cikar shekarar aure yana sa a tambaya: haƙurin me take yi? Gwajin shi ne a tambayi kai, wa wannan karin maganar take ƙasƙantarwa? Idan akwai amsa, kada a sa ta.

Zolaya ma haka take. "Ya ce ba ya jin sanyi. Hoton ya nuna gaskiya" tana da daɗi idan maigidan mai son raha ne kuma dama haka suke magana a gaban mutane. Idan mutum ne mai riƙe girma, ko yana da matsayin da ɗalibai ko na ƙasa da shi suke bibiyar shafin matarsa, a nuna masa kafin a ɗora. Zolaya kuma tana saurin tsufa, musamman idan an jingina ta da wata kalmar yayi da ake yi a watan. Bayan shekara ba mai tuna dalilin dariyar.

Hanya ta biyar: kwanan wata, ko imoji ɗaya

A rubuta ranar auren da lambobi, ko "1" da farar zuciya ɗaya, ko sunan wurin kawai: "Shere." Tana aiki ne idan hoton yana da ƙarfin tsayawa da kansa kuma dama mai shafin ba mai yawan rubutu ba ce. Ga wadda aka saba gani da layi biyar, sauka zuwa alama ɗaya rana tsaka yakan sa ƙawaye su bi ta ta bayan fage da "lafiya dai ko?" Kuma mafi yawan lokaci wadda ta rubuta kalma 53 ba za ta gamsu da sifili ba, za ta dawo ta ƙara bayan awa ɗaya.

| Hanya | Lokaci | Abin da ake rasawa | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ragewa | minti 5 | kaɗan | matsakaici | mai sauƙi | a yanke har ɗumi ya tafi |
| Abu ɗaya na gaskiya | minti 15 zuwa 20 | kirari duka | mafi ƙarko | sai an saba | tona sirri ko nuna arziki |
| Addu'a | minti 1 | kusancin mutumin | mai ƙarko | mafi sauƙi | ya ji an ja baya da shi |
| Karin magana ko zolaya | ya danganta | taushi | karin magana na daɗewa, zolaya na tsufa | mai wuya | a ɗauka habaici ne |
| Kwanan wata ko imoji | daƙiƙa kaɗan | kusan komai | mai ƙarko | mai sauƙi | a zaci akwai matsala |

Ina za a kai dogon rubutun?

Kada a jefar da shi. Mafi yawan abin da ya yi yawa a bainar jama'a daidai yake a tsakanin mutum biyu. Ta cire layin maƙiya, ta tura masa sauran ta WhatsApp da safe, ko ta rubuta da hannu a takarda, sannan ta ɗora gajeren a shafi. Wannan yana magance haɗarin hanya ta uku gaba ɗaya, domin shi ya riga ya samu nasa cikakke. Yana kuma sauƙaƙa mata yarda da yankan, tunda ba a ce mata abin da ta ji kuskure ba ne, wurin ajiye shi kawai aka sauya.

Yadda kika ba ta amsa ma yana cikin aikin. Wadda ta ce "ji nake ya yi yawa" ta riga ta ji kunya rabi. Kada ki buɗe da dariya ko da jera kurakurai. Ki fara da layin da ya yi kyau: "Addu'ar nan ta ƙarshe ita ce zuciyar rubutun, mu fito da ita gaba." Sannan ki tura siga biyu, ba goma ba, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, ta zaɓa. Idan ta sauya kalma ɗaya daga abin da kika tura, ki bar mata, ko da taki ta fi tsari. Idan da Hausar Jos take rubutu, mai gauraye da Turanci nan da can, kada ki mayar mata da ita Hausar littafi. Mutanenta za su gane ba ita ba ce. Abin da ya cancanci gyara shi ne ƙugiya inda rashinta ke sauya ma'ana, kamar "ƙara" da "kara", kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa a cikin harsunansa.

Idan an riga an ɗora

A Instagram ana danna ɗigo uku da ke saman hoton a zaɓi Edit, a sauya rubutun, hoton da sharhin mutane suna nan yadda suke. A Facebook ma ana gyarawa, sai dai yana ajiye tarihin gyaran, duk mai so zai iya buɗewa ya ga na farko. Idan layin maƙiya ne damuwar kuma bai daɗe da hawa ba, gogewa a sake ɗorawa ya fi. Status na WhatsApp ba ya gyaruwa, sai a goge a sa sabo, ko a bar shi ya cika awa 24 ɗinsa.

A duba sharhin da aka riga aka yi kafin a taɓa komai. Idan mutum goma sun rubuta "sarkin zuciya da kansa", sannan aka mayar da kafshan ya koma "Shere.", amsoshinsu za su tsaya suna nuni ga abin da aka cire. A irin wannan hali ragewa ita ce ta fi dacewa: a bar kirarin da aka fi ambata, a cire sauran.

Wace ga wa

Wadda take son rubutun ya ci gaba da zama nata, kuma lokaci ya ƙure ko an riga an ɗora, ta ɗauki ragewa: kirari ɗaya, addu'a ɗaya, imoji ɗaya.

Wadda hoton zai zauna a shafinta shekaru, kamar na cikar shekarar aure, haihuwa, ko kammala karatu, kuma tana da minti ashirin da mai yi mata tambaya, ta ɗauki abu ɗaya na gaskiya. Ga ƙanwarki da hoton Shere, wannan ce, da siga ta biyu ko ta uku.

Wadda surukai da dangin miji suke bibiyarta, ko amarya ce da ba ta gama sanin halin gidan ba, ko gida ne mai mace fiye da ɗaya, ta tsaya a kan addu'a mai ambaton maigida, ta tura masa dogon a keɓe.

Karin magana ta dace da wadda ta tabbata babu wanda za a ce da shi take, zolaya kuma sai ma'auratan da dama an san su da raha, bayan shi ya gani ya yarda.

Kwanan wata ko imoji ɗaya na wadda dama ba ta cika rubutu ba ne, ko kuma hoton Status da zai ɓace gobe war haka.